Wani na ƙoƙarin shiga sabata ta SSH?

Tambaya: "Ina da ƙaramar saba a shagona a Nima, Accra, daga gida nake shiga ta SSH. Yaya zan gane in wani ya gwada shiga?"

Ɗan'uwa, in Ubuntu ce, fara da wannan:

```
sudo grep "Failed password" /var/log/auth.log
```

Za ka ga layuka rututu, IP daga ƙasashen waje suna gwada root da admin, kar hankalinka ya tashi, na'urori ne masu bin kowace ƙofa suna ƙwanƙwasawa.

Inda nake so ka zuba ido shi ne `Accepted password`. Ni na taɓa ganin IP ɗaya ya yi ta faɗuwa da sunana, can ƙarfe 3 na dare sai ga Accepted, ni kuwa ina barci, wallahi gabana sai da ya faɗi. Duba lokacin da kyau, kuma kar baƙon IP ya ruɗe ka, na datar waya yana canzawa.

In ka ga irin wannan, canza kalmar sirri kaɗai bai isa ba, wataƙila wanda ya shiga ya bar makullinsa a `~/.ssh/authorized_keys`, kuma in ya samu root zai iya goge sawunsa. Cire sabar daga intanet, ka kira masanin tsaron saba, musamman in akwai bayanan kwastomomi a ciki.