Tambayi likita: manhajar da ke auna kyawun fuska, gaskiya take faɗa?

Likita, ni budurwa ce daga wani ƙauye a ƙasar Ringim, bikina saura wata biyu. Na sa hotona a manhajar da ake ce wa Golden Ratio ta ba ni maki 61, ƙawata kuma ta samu 84. Tun ranar ba na son duba madubi. Wai lissafin kimiyya ne, ba ya ƙarya?

Ƙanwata, Allah ya sanya alheri, ya kai mu lokacin. Lissafin kam gaskiya ne, amma ba a kan fuskarki aka yi shi ba. Lamba ce, 1.618, wadda masanin lissafin nan na Girka, Euclid, ya yi bayaninta kimanin shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), yana maganar yadda ake raba layi gida biyu. Bai ce komai a kan hanci ko leɓe ba. Daga baya ne wasu suka jingina ta ga kyau, suka ce wai idan aka raba tsawon fuska da faɗinta aka samu wannan lamba, to an haɗu.

Ari tef ɗin awo wurin telar da ke ɗinka miki kayan biki ki gwada. A ce daga inda gashinki ya fara zuwa ƙarshen haɓa inci 7 ne, daga ƙashin kunci zuwa ɗaya ƙashin kuncin kuma inci 5. Raba 7 da 5, kin samu 1.4, manhaja ta ce kin yi nisa. To yanzu ki tuna cewa da ɗankwali ko hijabi kika ɗauki hoton. Manhajar ba ta ga inda gashinki ya fara ba, cinka kawai ta yi. Idan ta ɗora ɗigonta a kan ɗaurin ɗankwalin, inci ɗaya sama da inda ya kamata, tsawon ya koma 8, 8 a raba da 5 kuma 1.6 ne. Nan take kin zama sarauniyar kyau, alhali ko kwalli ba ki ƙara ba. Ba mamaki abin da ya raba ki da ƙawarki ke nan: ita ta tura ɗauri baya, ke kin jawo hijabi har gira. Sunkuyar da kai kaɗan, ɗaga haɓa, murmushi, hasken taga daga gefe ɗaya, duk suna matsar da ɗigogin nan. Ki ɗauki hoto biyar a jere ki ba ta, ki gani ko za ta tsaya a kan magana ɗaya.

Akwai kuma inda zancen ya fi ba ni haushi. Zanen fuskar da ya yi suna a wannan harka, wanda ake ɗorawa a kan hoto kamar raga, wani likitan tiyatar baki da muƙamuƙi ne a Amurka, Stephen Marquardt, ya ƙirƙire shi. A 2008 wani mai bincike, Erik Holland, ya gwada zanen ya nuna cewa ya fi dacewa da fuskar Turawa mata masu tallan kayan ƙawa, kuma bai dace da fuskar baƙar fatar Afirka ko mutanen gabashin Asiya ba. Kin ga an ɗauko mudun wata kasuwa ana auna hatsinmu da shi. Ko a can ɗin ma bai ci jarrabawa ba: wani bincike da aka buga a 2010 ya gano cewa fuskokin matan da mutane suka fi zaɓa su ne waɗanda tazarar ido da baki take kusan kashi 36 cikin ɗari na tsawon fuska, wato kusa da yadda fuskar yawancin mutane take, ba lambar nan ba.

A garinku idan tsofaffi za su yabi amarya, wushirya za su ambata, da dara-daran idanu, da dogon wuya, da fara'a. Manhajar ba ta da gurbin ko ɗaya daga ciki. Da ni ce ke, da na goge ta na koma lissafin kayan ɗaki.

Likita, daga Dambatta nake. Duk hoton da na ɗauki kaina sai hancina ya fito ƙato, manhaja ma ta ce ya yi faɗi da yawa. Akwai mai ko matsi da ke rage shi?

Malam, laifin hannunka ne da bai kai tsawon mita ɗaya da rabi ba. Hanci shi ne ya fi kusa da kyamara, duk abin da ya fi kusa kuwa shi ke fitowa babba. Likitoci a Amurka sun lissafa wannan a 2018: hoton da aka ɗauka daga nisan inci 12 yana ƙara wa faɗin hanci kusan kashi 30 cikin ɗari, daga nisan ƙafa biyar kuwa kusan yadda yake yake fitowa. Ba abokinka wayar ya ja baya taku biyu ko uku, ka kwatanta.

Mai ba ya rage hanci, matsi ma haka, domin ƙashi ne da guringuntsi. Mayukan da ake tallatawa don gyara fuska kuwa, sau da yawa na bilicin ne, kuma abin da nake gani a asibiti shi ne fatar da ta yi siriri da ƙuraje da tabo. Kuɗinka ka sayi taki da su.

Likita, 'yata mai shekara 16 ta ce waya ta nuna mata fuskarta a karkace take. Kullum tana ɗaki tana aunawa, har ta daina zuwa Islamiyya. Daga ƙasar Gumel nake. Ciwo ne?

Hajiya, abu biyu ne a nan, sai mu raba su. Babu ɗan Adam da ɓarin fuskarsa biyu suka zo daidai da juna. Gira ɗaya kan ɗara ɗaya, ido ɗaya kan ɗan fi buɗewa. Ƙari a kan haka, ta saba da fuskarta ta madubi, wadda hagu da dama suke a juye, shi ya sa hoto kan zo mata baƙo. Ki ɗauko tsoffin hotunanta. Idan yadda take a da haka take yanzu, halitta ce.

Karkacewar da ke tayar mana da hankali ita ce wadda ta zo farat ɗaya. Ki sa ta yi murmushi, ta rufe ido gam, ta ɗaga gira. Idan baki ya ja gefe, ido ɗaya ya ƙi rufuwa, ruwa na zuba ta gefen baki in ta sha, jijiyar fuska ce ta samu matsala, kuma maganinta ya fi aiki idan an fara cikin kwana uku. Idan har da nauyin hannu ko ƙafa ko harɗewar harshe, wannan alamar shanyewar ɓarin jiki ce, a tafi asibiti a wannan sa'ar, kada a tsaya shafe-shafe.

Amma ni abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne barin Islamiyyar. Yarinyar da ke shafe sa'o'i tana duba aibin da wasu ba sa gani, har ta guji mutane, tana iya kasancewa cikin wata larurar damuwa da muka sani, kuma ana maganinta. Faɗa da gori ba sa cire ta, yawan ce mata "ai ke kyakkyawa ce" ma sauƙin minti kaɗan yake kawowa sai ta koma. Ki zauna da ita ku goge manhajar tare, ki tambaye ta ko wani ne ya tsokane ta a makaranta ko a waya, ki lura da cin abincinta da barcinta. Idan an yi mako biyu ba ta koma cikin 'yan'uwanta ba, ki kai ta babban asibitin da ke kusa da ku, ki ce kuna son ganin mai kula da lafiyar ƙwaƙwalwa. In kuwa ta taɓa furta cewa ta gaji da rayuwa, kada a jira mako biyun, a kai ta a ranar.