Horar da ma'aikatan sito kafin a kunna sabuwar manhajar lissafin kaya

Tambaya: Malam, ni ne shugaban wani sito, ina da ma'aikata 14, wasu na aikin safe wasu na yamma. Nan da mako shida za a kunna mana sabon sashen lissafin kaya a manhajar kamfani, kowa zai riƙa aiki da sikana, wato na'urar da ke karanta lambar jikin kaya. Yawancinsu in ban da waya ba su taɓa riƙe wata na'ura ba. Waɗanda suka kawo manhajar sun ce za su ba mu horon kwana ɗaya. Ta yaya zan tsara abin don kada mu ji kunya?

Amsa: Yallaɓai, kwana ɗayan nan ka karɓa, amma kada ka tura mutum 14. Ka je da kanka tare da mutum biyu, ɗaya daga masu aikin safe, ɗaya daga na yamma. Irin wannan horo yawanci zagaye ne na manhajar gaba ɗaya, mai koyarwa na danne-danne a babban allo, jama'a na gyaɗa kai. Wanda bai saba da kwamfuta ba zai fito bai riƙe komai ba, kuma ba zai faɗa maka ba, don ba mai son a ce shi ne bai gane ba.

Mutanenka ba sa buƙatar sanin manhajar. Abin da kowannensu ke buƙata shi ne aikinsa uku ko huɗu: mai karɓar kaya ya iya shigar da abin da aka sauke, mai jera kaya ya iya faɗa wa na'ura kantar da ya ajiye su, mai haɗa oda ya iya cirewa, kowa kuma ya iya ƙidaya. Ka zauna ka rubuta sunan kowa da ayyukansa a takarda guda. In ka ga wani yana da aiki fiye da biyar, ka rage masa. In manhajar ta yarda, ka sa a ɓoye wa kowa allon da ba nasa ba.

Makon farko na hannu ne kawai, ba a maganar kaya. Minti ashirin a rana, kowa da sikanar da zai yi aiki da ita, ba kwamfutar ofis ba. Ya shiga da sunansa da lambar sirrinsa, ya fita, ya sake shiga, har hannu ya saba. A nan za ka gane waye waye. Mai aika saƙo a waya yakan kama cikin kwana biyu. Wanda karatun boko ya yi masa nauyi shi ne abin lura, kuma sau da yawa shi ne wanda ya fi kowa sanin inda kowane kwali yake, don haka kada ka bari ya ji an mayar da shi baya. A wannan makon ka koya musu abu ɗaya game da sikana: ba ta da wayo. Galibinsu kamar allon danna haruffa na kwamfuta suke, suna rubuta lambar da suka karanta a duk gurbin da alamar rubutu ke ƙyaftawa, sannan su danna Enter da kansu. In alamar tana gurbin adadi aka harba wa lambar jikin kaya, lambar nan mai alƙaluma 13 ce za ta zama adadin kayan. Manhaja mai kyau za ta ƙi karɓa, amma ba duka ke ƙi ba. Ƙarar ƙit ɗin da sikana ke yi ma tana ruɗin mutane: tana nufin ta karanta lambar, ba ta nufin manhaja ta karɓa. Ido ya koma kan allo bayan kowace ƙara.

Mako na biyu da na uku naka ne da mutum biyun nan. Wajen zaɓensu kada ka bi wanda ya fi iya waya, ka bi wanda abokan aiki ba sa jin nauyin tambayarsa abu sau uku. Ku nemi a buɗe muku kwafin gwaji na manhajar, wanda kuskure a cikinsa ba ya taɓa lissafin gaske, kuma ku dage a zuba masa kayanku da lambobin kantocinku, ba kayan misali ba. Ku nemi a bambanta launin allonsa da na gaske ko a rubuta masa alama babba, don na ga sito inda aka yi rabin yini ana shigar da kayan gaske a kwafin gwaji bayan an kunna. Sannan ku rubuta kati ɗaya ga kowane aiki: shafi guda, matakai ba su wuce bakwai ba, da hoton allon, bayani da harshen da ake magana a siton, amma kalmar da ke kan allo a bar ta yadda take, domin ita ido zai nema.

Ainihin koyarwar sai mako na huɗu da na biyar. Na san za ka so a fara da wuri, amma abin da aka koya aka ajiye wata guda ba a taɓa ba, ya tafi. Ka raba mutum 12 da suka rage gida uku, huɗu-huɗu, bisa irin aikinsu. Kowane rukuni zama shida na minti 45, jimilla zama 18 cikin kwanakin aiki goma, wato kusan biyu a rana, kuma sito bai tsaya ba. A yi shi a tsaye a bakin ƙofar sauke kaya ko a tsakanin kantoci. Salon koyarwar tsoho ne, daga shirin da Amurka ta yi na horar da sababbin ma'aikatan masana'antu a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, tsakanin 1940 da 1945, wanda kamfanin Toyota ya ɗauka daga baya: ka kwantar wa mai koyo da hankali, ka yi aikin yana kallo kana faɗin kowane mataki da dalilinsa, ya yi da hannunsa yana faɗa maka abin da yake yi, sannan ka riƙa leƙa shi bayan ya fara shi kaɗai. Mataki na uku shi ne gishirin. Kuma mai koyarwa ya sa hannunsa a aljihu, domin da zarar ya karɓe sikanar ya ce kawo in nuna maka, darasin ya mutu.

Cikin zama shidan nan, ka ba da biyu cur ga masu karɓar kaya a kan abu ɗaya: ma'aunin ƙidaya. A nan ne sabon lissafi ya fi lalacewa. Ɗauki misali. Mota ta sauke kwali 40, kowane kwali na ɗauke da guda 24, wato guda 960. Ma'aikacinka ya shekara goma yana rubuta 40 a littafi, kuma daidai yake, don kowa ya san kwali ake nufi. Manhaja ba ta sani ba. Kusa da gurbin adadi akwai wani ɗan gurbi, a wasu manhajoji an rubuta masa UoM, shi ke cewa kwali ake ƙirgawa ko guda. In yana kan guda aka rubuta 40, manhaja ta ɗauka guda 40 suka shigo, 920 sun ɓace alhali ga su a kanta. Gobe a kawo odar guda 100, na'ura ta ce babu, mai sayo wa sito kaya kuma ya sake yin oda. In an juya, gurbin na kan kwali, wani mai ƙoƙari ya lissafa ya rubuta 960, manhaja za ta ninka da 24 ta ba ka guda 23,040. Wannan ya fi muni, domin ba wanda zai yi ƙorafi sai ranar da aka sayar da kayan da babu su.

Yadda za ka koyar da shi: ka ajiye kwali na gaske a gabansu, ka buɗe, ka fito da guda ɗaya. Su ga cewa lambar jikin kwalin daban take da ta jikin gudan. Ta kwali sau da yawa alƙaluma 14 ce, ta guda 13. Su harba wa kowace su ga abin da allo ya nuna. Sannan ka sa kowa ya yi kuskuren da gangan a kwafin gwaji, ya shigar da 40 a matsayin guda, ya je ya duba adadin da ke kanta, ya ga ɓarnar da idonsa. Wanda ya taɓa ganin 23,040 ta fito daga hannunsa ba ya sake mantawa da ɗan gurbin nan. Alamar da za ka gane wannan kuskure bayan an kunna mai sauƙi ce: in tsakanin abin da aka ƙirga da abin da ke allo, ɗaya ya zama ɗayan ne aka ninka da adadin abin da ke cikin kwali, ba sata ba ce, ma'auni ne. Ka duba wannan kafin ka zargi kowa. Wani lokacin ma laifin ba na ma'aikaci ba ne, an shigar wa manhajar cewa kwalin 24 ne alhali mai kawo kaya ya koma 20. Shi ya sa a mako na uku ya kamata ku buɗe kwali ɗaya-ɗaya na kayan da suka fi tafiya ku gwada da abin da ke allo.

Sauran zaman a cika su da abubuwan da ba sa tafiya daidai, don su ne ke tsayar da sabon hannu: takarda ta ce 40 aka sauke 38, kwali biyu sun jiƙe, lamba ta goge ba ta karantuwa, kantar da na'ura ta ce a ajiye ta cika. Kowanne ya san abin da zai danna, ko kuma ya san nan ne zai tsaya ya kira wane. Ka faɗa musu a fili cewa wanda ya yi kuskure ya faɗa nan take ba abin da zai same shi, domin gyaran minti biyu ne. Kuskuren da aka ɓoye shi ke cin mako ana nema.

A mako na shida ka gwada kowa shi kaɗai. Ba jarrabawar takarda ba: aiki goma a jere a kwafin gwaji, da katinsa a hannu amma ba mai taimaka masa, uku daga ciki ka sa tarko. Wanda ya faɗi a sake masa zama biyu, in bai wuce ba ya fara makon farko na kunnawa a gefen wanda ya wuce. In fiye da kashi ɗaya cikin uku na masu karɓar kaya suka faɗi, ni dai zan je in nemi a ɗaga ranar da mako guda, don duk abin da ya shiga a karkace daga ƙofa haka zai bi sauran siton. A cikin makon kuma ku yi gwaji da mota ɗaya ta gaske, daga saukewa har jerawa, ana rubutawa a tsohon littafi ana kuma shigarwa a kwafin gwaji, a ƙarshe a haɗa a gani. Ƙidayar kayan da za a buɗe sabon lissafi da ita a yi ta dab da kunnawa, bayan an tsayar da shige da fice.

Makon da aka kunna, aiki zai yi nauyi, don haka ka roƙi a rage motocin da za su zo, ka kuma cire mutum biyun nan daga ɗaukar kaya su riƙa zagayawa kawai. Kada ka yarda biyu su yi aiki da suna ɗaya, in ba haka ba ba za ka san wa ke buƙatar ƙarin darasi ba. Kowace yamma ka zaɓi kaya iri goma da aka taɓa a ranar, a ƙirga, a haɗa da allo, duk inda aka sami bambanci a bi sawunsa kafin a tashi. Gobe da safe minti biyar na farko a nuna wa kowa kuskuren jiya a kan sikana, ba tare da kiran sunan wanda ya yi ba.