Yadda ake gane kalmar da manhaja ta ƙirƙiro

"Na ɗauki hoton tsohuwar takardar filin mahaifinmu a Garwa, manhaja ta juya min ita zuwa rubutu tas, har wurin da ruwa ya ɓata. In yarda da ita?"

Ɗan'uwa, wurin da ya fito tas ɗin nan shi za ka fi zargi. Tsofaffin manhajoji in sun kasa karantawa sai su zubo tarkacen haruffa, ka gane nan take. Na yanzu kuwa cankar kalmar da ta fi dacewa da jimlar suke yi, su ajiye maka ita ba ko alamar shakka.

Ga abin da nake yi. Ina ɗaukar hoto biyu, ɗaya a inuwa, ɗaya kusa da taga, in ba manhajar kowanne daban. Inda tawada ta fito sosai, amsa ɗaya za ta bayar. Inda amsoshin biyu suka saɓa, canka ce. Sai in yanko gurbin da ya dushe shi kaɗai in sake ba ta, don in babu kalmomin gefe da za ta jingina da su, asirinta kan tonu.

Haka na kama ta a wata takardar ciniki: lamba ta ce sefa 450,000, alhali a ƙasa an rubuta kuɗin da kalmomi, dubu ɗari da hamsin. Ninkin takarda ne ya ratsa 1 ya mai da shi 4. Sunaye ma ka sa ido, takan musanya baƙon suna da wanda ta saba gani.

Kada ka tambaye ta ko ta tabbata, tana iya maimaita kuskuren. Tunda maganar fili ce, kai ainihin takardar wurin lauya ko ofishin filaye a gwada da kundinsu.