Sanarwar kasuwa a hoto: waya za ta fassara ta, ko a nemi mutum?

Tambaya: Malam, ni dillalin riɗi ne a kasuwar Dawanau. Ƙungiyarmu ta liƙa sanarwa da rubutun hannu, na ɗauki hotonta. Ta ce: "Daga ranar Litinin la'adar kowane buhu dubu ɗaya ce, ban da kuɗin dako. Wanda ya ba da kafin alƙalami bai ɗauki kaya cikin mako biyu ba, ya yi asara." Ina da masu saye biyu, ɗaya a Dubai ɗaya a Jidda. In haska hoton a Google Translate ya mayar mini Larabci, ko in biya mai fassara?

Amsa: Alhaji, ka biya mutum. Layi uku ne, kuɗinsa ba zai taka kara ya karya ba, kuma takarda ce da za a iya kafa maka hujja da ita gobe. Amma kafin ka kai masa akwai aikin da kai kaɗai ne za ka iya yi.

Matsalar haska hoto ita ce wayar tana yin aiki biyu a jere: ta karanta rubutun, sannan ta fassara abin da take ganin ta karanta. Rubutun hannu da alƙalamin maka a kan kwali yana ba ta wahala, kuma baƙaƙenmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, sau da yawa takan ɗauke su k da d da b. In ta yi kuskure a matakin farko, za ta ba ka Larabci mai kyan gani wanda ke faɗin wani abu dabam, kai kuma ba ka da hanyar ganewa. Don haka ka zauna ka buga sanarwar da hannunka, kalma bayan kalma.

Daga nan ka cike abin da sanarwar ta bari a baki. An rubuta ta ne don 'yan Dawanau, waɗanda suka san wace Litinin ake nufi, da nauyin buhu, da cewa dubu ɗaya naira ce. Balarabe bai san ko ɗaya ba. Ka sa cikakken kwanan wata da shekara. Ka rubuta 1,000 tare da sunan naira a fili, don kada mutumin Jidda ya lissafa da riyal. Buhu kuma ba ma'auni ba ne a wurinsa, da tan yake ciniki, wato kilo 1,000. A ce buhunku kilo 80 ne: tan ɗaya buhu 12 da rabi ke nan, la'adarsa naira 12,500. Wannan shi ne lissafin da yake nema. Mako biyun ma ka mayar da shi kwana 14 daga ranar da kuɗi suka shigo, tunda tun 2022 hutun mako na Dubai Asabar da Lahadi ne, na Saudiyya kuwa Juma'a da Asabar, kuma bankuna kan bi wannan.

Wurin da zan so mai fassarar ya tsaya sosai shi ne jimla ta biyu. Kafin alƙalami a Larabcin ciniki arbun ne, kuma ɗan kasuwar can ya san cewa wanda ya janye yakan rasa shi. In aka fassara shi da kalmar da ke nufin biyan kashin farko kawai, mai saye zai ɗauka kuɗinsa na nan yana bin ka. Haka "ya yi asara": asarar me? A rubuta cewa arbun ɗin ne ba za a mayar ba. La'ada kuwa umula ce, dako kuma a fayyace cewa ladan masu ɗaukar buhu ne, domin kalmar tana iya nufin zaman jira.

Wajen zaɓar mutum, sanin nahawu kaɗai bai isa ba. Kano cike take da waɗanda suka yi karatun Larabci mai zurfi, amma ka nemi wanda ya taɓa rubuta takardar ciniki ko ya yi tafinta tsakanin fatake da Larabawa. Ya rubuta da daidaitaccen Larabci, wanda ake karantawa a Dubai da Jidda duka. Idan ya gama, ka ba wani dabam Larabcin kaɗai, ba tare da hoton ba, ya karanta maka da Hausa. Duk inda maganarsa ta saɓa da sanarwar, nan gyara yake.

Ka ce a bar lambobi irin namu, don biyar ɗin Larabci tana kama da sifirinmu, sifirinsu kuma ɗigo ne da kan ɓace a ƙaramin allo. Sannan ka tura fassarar a matsayin PDF tare da hoton asali mai hatimin ƙungiya, saboda in aka cakuɗa rubutun Larabci, mai farawa daga dama, da lambobi a saƙon WhatsApp jerin yakan hargitse, farashi ya koma gefen wata kalma.