Kuɗin aiki: kwanakin da ka yi ko amfanin da aka samu?

Tambaya: "Na yi wa wani kamfani aikin kwana 6 kan rage kuɗin wuta, suka ba ni dubu 300. Yanzu na ji duk shekara miliyoyi suke tsira da su. Yaya zan riƙa yanka farashi nan gaba?"

Amsa: Ɗan'uwa, wancan dai ya wuce, kada ka koma neman ƙari. Ciniki kafin aiki ake yin sa, tun ba ka faɗi maganin ba.

Ni ma na taɓa ƙonewa. Wani kamfanin casar shinkafa na kwana da babban janareta a kunne don fitilu da 'yan injuna biyu kawai. Na sa aka sayi ƙarami na dare, aka kuma tattara aiki mai nauyi zuwa rana. Dizal ya sauko daga lita 12,000 zuwa 9,000 a wata. Mun shirya za a ba ni kashi 20 cikin ɗari na rarar da aka samu, amma da naira muka rubuta. Sai ga 2022, farashin dizal ya fi ninki biyu. Alhaji ya buɗe littafi ya ce, "Malam, ina rarar? Kuɗin mai ma ƙaruwa ya yi." A takarda, shi ke da gaskiya.

Tun daga nan ba na fara aiki sai mun zauna da akanta mun fitar da rasit na wata 12, mun sa hannu kan lita nawa ake ƙonawa a kowane tan na shinkafa. A kowane tan fa, domin lokacin kaka aiki na ƙaruwa, mai ma haka.

Kuma na daina karɓar kaso, farashi tsayayye nake yankewa. A ce yau ne: lita 3,000 a wata, 36,000 ke nan a shekara; in lita na naira 1,000, miliyan 36. Sai in raba biyu da kaina, saboda ma'aikata ba sa bin tsari yadda aka ce, ga kuɗin sabon janareta. Daga miliyan 18 in nemi miliyan 3, rabi kafin alƙalami. Da kwana na lissafa, dubu 500 zan tashi da ita. Dabarar ita ce mai kamfanin ya faɗi adadin asarar da bakinsa. Wanda ya ce miliyan 18 na zurarewa ba ya jin nauyin uku.

Sai dai ba ko'ina wannan ke ci ba. In makanikin janaretansu zai iya gano matsalar da dubu 100, farashinka ba zai yi nisa da nan ba, komai girman rarar. In kuma kamfanin ba ya ajiye rasit, ka fara sayar musu da aikin awo na wata guda a kuɗin kwana, sannan ku yi maganar babban ciniki.