Kuɗin tallafi biyu a asusu ɗaya: yadda ake raba su a manhajar ERP

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ce akantar wata ƙungiyar agaji. Muna da masu tallafi biyu, ɗaya na aikin lafiya, ɗaya na karatun yara mata, kuma mun koma amfani da manhajar ERP, wadda ke haɗa lissafin kuɗi da sauran harkokin ƙungiya wuri ɗaya. Duk lokacin rahoto sai na koma Excel ina tsintar kashe-kashe ɗaya bayan ɗaya, jimlar kuma ba ta dacewa da ta manhaja. Hayar ofis ma ban san wanda zan ɗora wa ba. Ina na kuskure?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Matsalar tana faruwa ne tun ranar da aka shigar da rasit, sai dai ba ta fitowa fili sai ranar rahoto. Rasit ɗin da ya shiga manhaja da sunan "man fetur" kawai, ba a faɗi kuɗin wa aka taɓa ba, dole wata rana ki zauna kina neman mai shi.

Kowace shigarwa tana bukatar amsa tambayoyi uku. Me aka saya? Wannan aikin jadawalin asusun ƙungiya ne: albashi, haya, sufuri. Kuɗin wane tallafi ne? Sannan a wane layi na kasafin mai tallafin zai faɗa? Biyun ƙarshe ba a buɗe musu sababbin asusu. Na sha ganin ƙungiyoyi sun buɗe "sufuri na lafiya", "sufuri na ilimi", kowane tallafi da nasa jerin, bayan shekara uku jadawalin ya kumbura babu mai iya karanta shi. Manhajojin ERP suna da alamar da ake liƙa wa shigarwa don wannan aikin. A Business Central ana ce mata Dimensions, a ERPNext akwai Accounting Dimensions, a Odoo kuma Analytic Accounts. Ki buɗe alama ɗaya ta tallafi, ɗaya ta layin kasafi, ki sa a saita su ta yadda manhaja za ta ƙi karɓar kashe kuɗin da ba shi da alama. Ma'aikata za su yi ƙorafi a makonnin farko, ki daure. Kuɗin ƙungiya na kanta, wanda babu sharaɗi a kansa, shi ma ki ba shi alamarsa, domin gurbin da aka bari fayau ba ya gaya miki ko mantuwa ce ko ganganci.

Layin kasafi shi ne zai raba ki da Excel. Mai tallafi yana son rahoto da tsarinsa, wataƙila ya haɗe man fetur da masauki da alawus a layi ɗaya ya kira shi tafiye-tafiye, alhali a littafinki asusu uku ne. Idan alamar layin tana kan kowane rasit, rahoton zai fito kai tsaye, ki zaɓi kwanakin da yarjejeniya ta faɗa, ko da shekararsa ba ta yi daidai da taku ba.

Yanzu hayar ofis, a nan nake so mu ɗan daɗe. A ce hayar wata dala 3,000 ce, ma'aikata 10 ne ke zama a ofishin: 5 na aikin lafiya, 3 na ilimi, 2 na gudanarwa. Idan kin zaɓi yawan ma'aikata a matsayin ma'auni, lafiya ta ɗauki 1,500, ilimi 900, ƙungiya 600. Kina iya zaɓar faɗin wurin da kowane aiki yake amfani da shi, shi ma ma'auni ne mai kyau. Abin da mai binciken kuɗi zai nema shi ne a rubuta ma'aunin, shugabanni su sa hannu, a bi shi kowane wata. Ki shigar da hayar a wata alama ta wucin gadi ta kashe-kashen haɗin gwiwa, ƙarshen wata ki yi shigarwa ɗaya ki raba ta. Bayan rabon dole wannan alamar ta koma sifili. In ta rage da ko dala ɗaya, akwai abin da ba a raba ba. Albashin wanda yake yi wa ayyuka biyu hidima, irin naki, ana raba shi bisa takardar sa'o'in da ya cika aka sa wa hannu, domin kason da aka rubuta a kasafi hasashe ne kawai.

Rabon gaskiya daban, abin da mai tallafi ya yarda ya biya daban. Yawancinsu suna sa iyaka a kan kuɗin gudanarwa. A tallafin da Tarayyar Turai ke bayarwa na ayyukan ƙetare, iyakar ta saba zama kashi 7 cikin 100 na kuɗin aikin kai tsaye. Gwamnatin Amurka kuma ta ɗaga kason da take amincewa wa ƙungiyar da ba ta daidaita nata kason da ita ba daga 10 zuwa 15 tun daga Oktoban 2024. A ce yarjejeniyar ilimi ta ce kashi 7, kuma haya tana cikin gudanarwa. Kun kashe 5,000 a aikin kai tsaye wannan wata, to haƙƙinku 350 ne, alhali kason hayarsu 900. Giɓin 550 daga kuɗin ƙungiya zai fito. Na san yadda zuciya ke raya wa mutum ya tura shi kan tallafin lafiya tunda shi ne mai kauri, amma kada ki yi, amanar wani ce, kuma in bincike ya gano sai an mayar. Ki kuma kula kada ki caji haya kai tsaye sannan ki karɓi kashi 7 da ya riga ya ƙunshe ta, wannan cin biyu ne. Ni ina son wannan 550 ɗin ya fito sarari a rahoton wata, saboda shugabanni su san nawa kowane tallafi yake ci musu kafin su sa hannu a na gaba.

Akwai gwaji ɗaya da nake so ki riƙa yi ƙarshen kowane wata. Ga kowane tallafi, ki ɗauki abin da ya shigo, ki cire abin da aka kashe. A ce lafiya ta turo 60,000, an kashe 38,000, saura 22,000. Ilimi ta turo 20,000, an kashe 23,000 saboda kason gaba bai iso ba, wato an zarce da 3,000. Ƙungiya tana da 1,000 nata. A banki za ki tarar da 20,000. Shugaba zai duba ya ce alhamdu lillahi akwai kuɗi, amma mai tallafin lafiya shi kaɗai yana bin ku 22,000. Ma'ana an ari 2,000 daga kuɗinsa an yi aikin ilimi ba da saninsa ba. Duk watan da kuɗin banki ya gaza jimlar ragowar kuɗi masu sharaɗi, ki tsayar da biyan abin da zai iya jira, ki rubuta wa mai tallafin ilimi neman kason gaba, ki sanar da shugaba a rubuce.

Game da watannin da suka wuce, kada ki goge tsofaffin shigarwa. Ki fara daga ranar da kowane tallafi ya soma, ki liƙa alama rasit bayan rasit, har jimlar manhaja ta dace da rahoton ƙarshe da kika aika. Inda kika ga bambanci, ki gyara da sabuwar shigarwa mai bayani, ki faɗa wa mai tallafin a rahoto na gaba. Da zarar kin aika rahoto kuma, ki rufe wannan watan a manhaja, domin rasit ɗaya da aka shigar da tsohon kwanan wata ya isa ya sake ɓata lissafin da kika gama.