Ta karanta ta yi shiru: gyaran saƙon neman cikon kuɗi

Tambaya: Ni tela ce. Na ɗinka wa wata Hajiya kaya, ta ba da kafin alƙalami, ciko kuma wata biyu ke nan shiru. Abin da nake tura mata shi ne: "Salam Hajiya, ki yi haƙuri da damunki, na ce ko an samu wani abu? In babu ba komai." Tana karantawa, ba ta amsawa. Ba na son in yi mata rashin kunya, amma ina buƙatar kuɗina. Yaya zan gyara saƙon?

Amsa: 'Yar'uwa, ladabin saƙonki ba shi da laifi. Matsalar ita ce babu abin da ya tilasta amsa a cikinsa. Kin ba da haƙuri tun kafin ki faɗi abin da ya kawo ki, sai maganar ta koma kamar alfarma kike nema. "Wani abu" ba adadi ba ne, don haka ko kashi ɗaya cikin goma ta turo ta cika umarni. Mafi muni shi ne "in babu ba komai", domin da hannunki kika rubuta mata izinin yin shiru. Mai harkoki da yawa da ta ga haka za ta ce a ranta ba gaggawa, ta wuce zuwa saƙo na gaba.

Mutane da yawa suna zaton ƙarfin saƙo yana cikin zafin kalmomi ne. A'a. Yana cikin adadi, da rana, da tambayar da ba a iya tsallakewa. Girmamawa kuma tana cikin gaisuwa da barin zargi. Tunda ba wuri ɗaya suke zaune ba, za ki iya ƙara wannan ba tare da rage wancan ba.

Mu ɗauka jimillar aikin 90,000 ce, ta ba da 40,000. Ga yadda zan rubuta:

"Assalamu alaikum Hajiya, barka da yini. Ina tuna miki cikon kuɗin ɗinkin da aka karɓa ranar 3 ga Maris. Jimilla 90,000, kin ba da 40,000, saura 50,000. Don Allah a turo zuwa ranar Alhamis 8 ga Mayu. Ranar ta yi miki? Na gode."

Ki lura "don Allah" sau ɗaya ta fito, kuma a wurin da ya dace, wato gaban buƙatar. In ta fito sau uku ta zama magiya. An kawo lissafin duka, ba ciko kaɗai ba, saboda ganin an ambaci abin da ta riga ta biya yana kwantar da hankali, yana kuma rufe ƙofar "ai na ɗauka saura kaɗan ne". In lissafinku ya saɓa, nan take za ta faɗa, kuma gara a gano haka yau da a gano bayan wata shida. Ranar da kika sa ta kasance mai suna da lamba. "Ƙarshen wata" da "cikin satin nan" kowa da fassararsa. Tazarar kwana biyar zuwa bakwai ta isa: gobe-gobe kan yi kama da matsi, wata guda kuma kan sa a manta.

Tambayar ƙarshe ita ce ginshiƙin saƙon. "Ranar ta yi miki?" amsarta e ce, ko kuma wata ranar. Duk wadda ta zaɓa kin ci riba, domin ranar da mutum ya furta da bakinsa ta fi wadda aka ɗora masa nauyi. Ki kuma haɗa da lambar asusun a saƙo na daban, lambar ita kaɗai a layinta don a kwafa cikin sauƙi, ko da kin san tana da ita. Neman tsohon saƙo ma dalili ne na ɗage biya.

To, in Alhamis ta wuce shiru fa? Kada ki jira mako biyu kina cizon yatsa. Washegari da safe ki tura na biyu, gajere fiye da na farko:

"Assalamu alaikum Hajiya. Jiya ce ranar da na ambata, cikon 50,000 bai shigo ba. In an turo, don Allah a ba ni shaidar in duba. In biya gaba ɗaya zai yi wuya, za mu iya raba shi biyu: 25,000 ranar Litinin 12 ga Mayu, 25,000 ranar Litinin 26 ga Mayu. Wanne ya fi miki?"

A nan na ce "bai shigo ba", ban ce "ba ki biya ba". Na farko labarin asusunki ne, na biyu hukunci ne a kanta. Wani lokaci da gaske an tura kuɗin ya maƙale a banki, ko an ba wani ya kawo ya yi zamansa. In kin riga kin yi zargi, ke za ki koma ba da haƙuri. Tayin rabawa kuma ba sassauci ba ne. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma sau da yawa shirun kunya ce ta wanda ba shi da duka kuɗin a hannu. Kin buɗe mata ƙofar fita da mutuncinta, amma adadi da rana suna nan daram.

Amsar da ta dawo za ta nuna miki da wa kike hulɗa. Wadda ta manta tana biya ko ta ba da haƙuri a ranar. Wadda ke cikin matsi takan karɓi rabawa ko ta kawo nata tsarin. Wadda kuwa kullum amsarta "za ki ji ni" ce, ba rana ba adadi, wannan sai saƙo na uku, wanda ke faɗin abin da zai biyo baya: "Hajiya, ba zan iya karɓar sabon aiki ba sai an kammala cikon 50,000. Zan kira ki gobe da ƙarfe goma mu tsayar da magana." Sharaɗi ɗaya nan shi ne kada ki rubuta abin da ba za ki aikata ba. In kin ce za ki kira, ki kira. Barazanar tona asiri, ko habaici a inda kowa zai gani, ko tura maganar cikin zauren da take tare da wasu, duk ki bar su. Rubutu ba ya gogewa daga wayar wani, ana ɗaukar hotonsa a yaɗa, sai a manta da bashin a koma maganar bakinki.

Abu biyu ƙanana game da hanyar turawa. Saƙon murya ya dace da gaisuwa, amma adadi da rana a rubuce ake so, don a iya komawa a gani. In kuma ta SMS za ki tura, saƙo ɗaya haruffa 160 yake ɗauka, amma da zarar kin sa harafi mai lanƙwasa irin ƙ ko ɗ sai ya koma 70, dogon saƙo ya rarrabu. Ta WhatsApp babu wannan damuwar.

Ranar da wani kaso ya shigo, ki amsa nan take da sabon lissafi: "Na ga 25,000, na gode Hajiya. Saura 25,000, ranar Litinin 26 ga Mayu kamar yadda muka yi." Godiya kaɗai ba tare da ambaton saura ba, wasu kan ɗauke ta a matsayin an yafe ragowar.